Na Haɗa Kwantena da Kawuna, Shi Yana Riba Ni Ina Faɗuwa

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne, ina da shagon kayan waya a cikin birnin Katsina. Bana na haɗa kwantena mai ƙafa 20 da kawuna, ƙanen mahaifiyata, daga Guangzhou. Nawa caja ce guda 10,000 a kan dala 1 kowace, kwali 50. Nashi fanka ce ta tsaye guda 400 a kan dala 15 kowace. Da sunan kamfaninshi aka buɗe Form M, takardar da ake cikewa a banki kafin a shigo da kaya. Kafin lodi ya ce mani za mu raba ɗawainiya "yadda aka saba", na ce to. Da kaya suka iso, kuɗin jirgi da kwastan da kiliyarin da mota suka tashi naira 16,462,000. Ya ce jarina dala 10,000, nashi 6,000, don haka kashi 62.5 cikin 100 nawa ne. Na biya 10,289,000. A ciki akwai damareji na 700,000, don na yi jinkirin kwana 10 kafin in kawo kuɗin kwastan. Caja 300 kuma sun zo a lalace. Yanzu sari 2,600 ne a kasuwa, in na sayar haka faɗuwa zan yi, shi kuwa yana sayar da fanka 46,000 yana cewa an samu alheri. Raina yana gaya mani an kware ni, amma ban iya lissafin ba, kuma Hajiya ta ce kada in kuskura in tayar mashi da magana. Ga hotunan takardun duka. Nawa cajata ta tsaya mani a gaskiya, kuma yaya zan yi da Kawu?

Wani ɗan kasuwa, Katsina

Wa alaikumus salam, ɗana. Na zauna da takardunka da kalkuleta, kuma zan fara da abin da ya fi damunka: ka biya fiye da haƙƙinka, da yawa ma. Amma ban ga alamar ha'inci a takardun ba. Rabo bisa jari tsohuwar al'ada ce, kuma daidai take idan kayan iri ɗaya ne. Mutum biyu da suka haɗa kwantenar atamfa ko ta takalma, in suka raba bisa jari ba wanda ya cutu, domin wanda ya fi zuba kuɗi shi ya fi cin wuri, shi ya fi jawo haraji. Ina zaton irin haɗin da Kawu ya saba yi ke nan. Naku ya sha bamban ne saboda cajarka ƙarama ce mai tsada, fankarsa kuwa babba ce mai araha, kuma kwastan ba su ɗora musu haraji ɗaya ba. Ka riƙe wannan a ranka kafin mu shiga lambobi, don kada lambobin su ƙara maka zafi.

Hanyar kuwa ita ce kada a tara ɗawainiya wuri ɗaya a raba ta da ma'auni ɗaya. Kowane kuɗi sai an tambaye shi: me ya jawo ka? Wani wuri ne ya jawo shi, wani darajar kaya, wani nau'in kaya, wani kuma laifin mutum ɗaya. Amsar ita ce ma'aunin rabonsa.

Mu fara da kuɗin jirgi, domin nan ne mafi yawan kuɗinka ya tafi. Kamfanin jirgi ya karɓi dala 2,800 a kan kwantenar, bai tambayi ko zinariya ce a ciki ko tsumma ba. Wuri ya sayar muku. Ka tuna direban motar da ke zuwa kasuwar Mai'adua ranar Lahadi: mai katifu shi ke biyan kuɗin lodi mai yawa, mai jakar agogo a cinya kujerarsa kawai yake biya, ko da agogunansa sun fi katifun tsada. Ma'aunin wuri a harkar jirgi shi ne abin da za ka gani an rubuta CBM a takardar jerin kaya, wato mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya tsayi. Kwalinka santimita 50 ne da 40 da 40. Ka mayar da su mita ka ninka, 0.5 sau 0.4 sau 0.4, ya ba ka 0.08. Kwali 50 sun ci CBM 4. Kwalin fanka santimita 60 ne da 50 da 20, wato 0.06, guda 400 sun ci CBM 24. Jimilla 28, kuma kusan iyakar abin da kwantena mai ƙafa 20 ke ɗauka ke nan a aikace, duk da a takarda ana ce mata 33, saboda kwalaye ba sa cike kowane lungu.

Ka ga ke nan kashi ɗaya cikin bakwai na kwantenar ka ci, Kawu ya ci shida. Kowace CBM ta tashi dala 100, naka dala 400, nasa 2,400. Rasit ɗinku ya nuna kun sayi dala a kan naira 1,550, don haka kuɗin jirgi duka naira 4,340,000 ne, haƙƙinka a ciki 620,000. A rabon jari an ɗora maka 2,712,500. A wannan layi kaɗai ka biya wa fanka sama da miliyan biyu.

Duk kuɗin da aka biya a kan kwantena a matsayinta na kwantena, wannan ma'aunin zai bi. Cajin tasha da na ofishin kamfanin jirgi a Legas, naira 1,400,000, naka 200,000. Tirelar da ta ɗauko daga Legas zuwa Katsina da masu sauke kaya, 2,100,000, naka 300,000. Sai dai ka san wuri ba shi ne ma'auni a kowane hali ba. Da ɗayanku tayil ya loda ko ƙarfe, nauyi ne zai cika kwantenar tun wuri bai ƙare ba, sai a raba da kilo. Masu haɗa kayan mutane da yawa a kwantena ɗaya ma haka suke yi: suna daidaita CBM ɗaya da kilo 1,000, wanda ya fi yawa shi suke caji. Caja da fanka duk marasa nauyi ne, wuri ne ya yi hukunci.

Akwai inda Kawu ya yi daidai cif. Inshora da cajin banki darajar kaya suke bi, domin inshora kuɗin kaya take karewa, banki kuma a kan abin da aka tura yake yanka. Su biyun sun tashi naira 480,000, kashi 62.5 naka ne, wato 300,000. Nan ba gyara.

Sai kuɗin kwastan, wanda mutane ke ɗauka dunƙule ɗaya ne alhali a takardar a rarrabe yake. Ka buɗe takardar kimantawa da ejan ya ba ku, za ka ga layi biyu, kowane da lambar nau'in kayansa da kasonsa na kuɗin fito. Jadawalin da Nijeriya ke bi na ECOWAS ne, mai mataki biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin 100. A takardarku caja tana kan 10, fanka tana kan 20. Kuma ba a kan kuɗin saye kawai ake ɗora kason ba. Kuɗin saye har a loda a jirgi shi ne FOB. In ka ƙara kuɗin jirgi da inshora ya zama CIF, a kansa ake lissafin fito. Sannan kwastan suna da nasu farashin dala, ranar da aka kimanta kayanku 1,500 ne, ba 1,550 da kuka saya ba. Wannan wuri ne da ake yawan ruɗewa: farashin kwastan na lissafin haraji ne kaɗai, kuɗin kaya da na jirgi kuwa da farashin da dala ta fita daga aljihunka za ka lissafa su.

Bi layin caja a hankali da takardar a hannunka. An rubuta CIF ɗinta dala 11,850, a naira 17,775,000. Fito kashi 10 ya zama 1,777,500. A kan fiton kansa an ɗora ƙarin kashi 7, wato 124,425. Sai CISS, kuɗin duba kayan da ake shigowa da su, kashi 1 na FOB, 150,000. Sai ETLS, harajin ECOWAS, rabin kashi ɗaya na CIF, 88,875. A ƙarshe VAT, kashi 7.5 tun daga 2020, kuma ita ba a kan CIF kawai take hawa ba, sai an tara CIF da waɗancan huɗun duka, suka ba da 19,915,800, sannan a cire mata 1,493,685. In ka haɗa biyar ɗin, abin da kwastan suka karɓa a kan caja naira 3,634,485 ne. Layin fanka, da aka bi shi haka, ya ba da 3,407,433. Su biyun su ne 7,041,918 da aka biya a banki. A rabon jari an ba ka 4,401,000 daga ciki, wato ka biya kusan 767,000 na harajin fanka.

Wani mai tsanani zai ce ai su kwastan ma bisa daraja suka raba kuɗin jirgi a tsakanin layukan biyu, don haka CIF ɗin caja ya ɗan kumbura. Gaskiya ne, amma ni ba zan bi wannan ba. Abin da aka rubuta a gaban kayan mutum shi zai biya, hujja ce a rubuce da ba wanda zai yi musu da ita, kuma kana bukatar irin wannan hujja a gaban Kawu fiye da 'yan dubban da za ka samu. Kada kuma ka haddace waɗannan layuka ka ce kullum haka suke. A 2025 an shigo da cajin kashi 4 na FOB da dokar kwastan ta 2023 ta tanada, aka dakatar da shi, magana ta yi ta kai da komo. Kowace tafiya ka sa ejan ya nuna maka layukan da ke aiki a lokacin, kafin ka tura wa ɗan China ko sisi.

Ladan ejan, naira 400,000, ni raba-daidai zan yi masa, 200,000 kowa. Aikin takarda ne da zirga-zirga, kaya iri biyu, layi biyu, ba ya ƙaruwa don kwali ya yi yawa. In wani ya ce a raba shi bisa jari ba zan yi faɗa da shi ba, bambancin 50,000 ne.

Yanzu ga naka. Damarejin nan na 700,000 duka a wuyanka yake. Kamfanin jirgi da tasha suna ba da 'yan kwanaki kyauta, in suka wuce kowace rana kuɗi ce, kuma yawanci kuɗin ranar yana hawa ne in kwanaki suka yi nisa. Kwantenar ta zauna ne tana jiran kuɗinka, ba na Kawu ba. A rabon da ya yi ya ɗauke maka 262,500 daga ciki bai ce uffan ba. Mai niyyar cutar ka da nan zai fara. Idan za ka nemi a yi adalci, sai ka fara ajiye wannan a gabansa da kanka.

Mu tara naka: jirgi 620,000, tasha 200,000, tirela 300,000, inshora da banki 300,000, kwastan 3,634,485, ejan 200,000, damareji 700,000. Ya tashi naira 5,954,485. Ka biya 10,289,000. Rarar kusan 4,334,000 ce.

To nawa caja ɗaya ta tsaya maka? Kuɗin kaya dala 10,000 a kan 1,550, naira 15,500,000. Ka ƙara ɗawainiyarka ta gaskiya, 5,954,485. Na kuma ga rasit na 300,000 da ka biya daban don takardar SONCAP ta caja, wato shaidar ingancin kaya, ba ka sa shi a lissafi ba don ba a asusun haɗaka ya fita ba, alhali daga aljihunka ya fita kuma saboda cajar ya fita. Jimilla 21,754,485. Kada ka raba da 10,000. Guda 300 da suka lalace ka saye su, ka biya musu jirgi da haraji, amma ba za su dawo da ko kwabo ba, masu lafiya ne za su ɗauki nauyinsu. Ka raba da 9,700, ya ba ka naira 2,243. Da ka raba da 10,000 da ka ga 2,175, ka yi ta ganin ribar naira 68 da babu ita a kan kowace caja. Jinkirinka na kwana 10 kuwa naira 72 ya ƙara wa kowace ɗaya, yana da kyau ka san kuɗin jinkiri a irin wannan siffa.

Lamba biyu ke nan a hannunka, kuma kada ka haɗa su. Naira 2,243 ita ce abin da cajar ta kamata ta tsaya maka, da ita za ka auna ko wannan sana'a tana biya: a sarin 2,600 akwai ribar kusan 357 a kowace, kafin hayar shago da ladan yara. Amma abin da ya fita daga hannunka a zahiri, da rabon Kawu, 26,089,000 ne, wato naira 2,690 kowace. Muddin ba a dawo maka da komai ba, wannan ita ce uwar kuɗinka, kuma a 2,600 za ka rasa kusan 870,000 a kan kayan duka. Abu ɗaya zai iya sauya lissafin: in kana da rajistar VAT kana cire ta a kan abin da ka sayar, wadda ka biya a tasha za ka iya rage ta daga wadda za ka kai wa hukuma. In ba ka da ita, ta zauna a cikin uwar kuɗi kamar yadda na sa ta.

Duk da haka kada ka kulle kayan kana jiran kasuwa ta kai 2,700. Mai saye ba ruwansa da yadda kuka yi da kawunka, akwai wanda ya shigo da irin cajarka ta tsaya masa 2,200 kuma yana sayarwa a Kano. Caja kuma kaya ce da yayinta ke wucewa, in bakin da wayoyi ke amfani da shi ya canza ka kwana da ita. Ka sayar a farashin kasuwa, ka juya kuɗinka. Maganar rara daban, a wurin Kawu take, ba a wurin kwastoma ba.

Yanzu ka dubi nasa ɓangaren, domin a nan ƙofar magana take. A lissafinsa, kuɗin fanka 9,300,000 da ɗawainiya 6,173,000, in aka raba da 400, kowace ta tsaya masa kusan 38,700. Shi ya sa yake ganin ribar sama da 7,000 a 46,000. Ɗawainiyar fanka ta gaskiya 10,507,433 ce, wato kowace ta tsaya naira 49,500, tun ba a sa tasa takardar SONCAP da waɗanda suka karye ba. Yana faɗuwa da kusan 3,500 a kowace fanka, kuɗinka ne ya rufe ramin bai gani ba. Hatsarin shi ne gobe ya ce fanka ta yi albarka, ya cika kwantena da ita shi kaɗai kafin zafin bazara, ya sa farashi bisa 38,700. Ranar ba mai caja da zai ɗauke masa. Saboda haka lissafin da ke hannunka ba takardar ƙara ba ce kawai, shi ma yana bukatarsa, wataƙila fiye da kai.

Kuma yana da hujjojin da ya kamata ka amsa wa kanka tun kafin ya faɗe su. Na farko, ka ce "to". Shi a wurinsa "yadda aka saba" na nufin bisa jari, kai ba ka tambaya ba, kuma ko wane dattijo aka kai wa maganar zai tsaya a nan. Ban ce wannan "to" ta halatta masa miliyan huɗu ba, don ba a ambaci ma'auni ba, amma ta rage maka ƙarfin cewa an zalunce ka. Na biyu, da kai kaɗai ne da CBM 4 ba za ka samu wuri a kan dala 100 ba. Wurin masu haɗa kaya za ka je, kuma farashinsu a kan kowace CBM ya fi na wanda ya kama kwantena sukutum. Na uku, sunan kamfaninsa ne a Form M da PAAR, takardar kimanta kaya da kwastan ke fitarwa kafin su iso. Da an samu matsala a cajarka, ko aka ce an rage daraja, shi za a nema, ba kai ba. Bankinsa, ejansa, sanayyarsa, duk ka ci moriyarsu, kuma a kasuwa waɗannan ba kyauta ba ne. Shi ma ya amfana da kai, don da babu cajarka shi zai biya kwantenar duka da guntun wuri a buɗe, amma wannan kai ka san shi a ranka, ba sai ka faɗa ba.

Hajiya kuma ba goyon bayan cuta take yi ba. Ƙanenta ne, tana tsoron ranar da za a haɗu a suna ko ta'aziyya ana kau da kai. Kada ka tsallake ta, kada kuma ka sa ta a tsakiya ta zama alƙali tsakanin ɗanta da ɗan'uwanta. Ka gaya mata ba rigima za ka kai ba, lissafi za ka kai masa ya duba maka, kuma ka yi mata alkawarin duk abin da ya yanke ba za ka ɗaga murya ba. Ina ganin in ta ji haka za ta sake ka.

Ga yadda zan yi da ni ne. Ka samu takarda ɗaya, ka ja layi uku: sunan kuɗi, na caja, na fanka. Ka cika ta da hannunka, kowane layi ka liƙa masa rasit ɗinsa. Ka same shi a gida bayan la'asar, ba a shago gaban yaransa ba. Ka fara da damareji: "Kawu, na zauna na duba, kuɗin damarejin nan laifina ne, bai kamata ka biya ko naira ba, ina so a mayar da shi kaina." Sannan ka ce kana koyon fitar da farashin guda, ka gwada a kan caja da fanka, abin da ya fito a fanka ya ba ka tsoro, kana so ya duba ko ka yi kuskure. Ka miƙa masa takardar ka yi shiru. Ɗan kasuwa ne, in ya ga CBM 24 a gefe ɗaya da 4 a ɗaya gefen ba ya bukatar ƙarin bayani. Kada ka furta kalmar cuta, kada ka ambaci miliyan huɗu sai shi ya kai wurin. Mai yiwuwa ranar ya ce zai duba. Ka bar masa takardar.

In ya karɓi lissafin, kai ka fara kawo maganar la'adarsa. Ni zan ce kashi 5 na kuɗin kayanka, naira 775,000, ladan suna da ɗawainiya. Ba ƙa'ida ba ce, tayi ne, kuna iya ɗagawa ko ragewa. In aka cire ta saura kusan 3,559,000, cajarka kuma ta koma kusan 2,323, har yanzu da riba. Kada ka matsa a ba ka kuɗi a dunƙule, ka tuna mutumin yanzu ya gano faɗuwa yake yi. Ya biya kaɗan-kaɗan yadda fanka ke fita, ko a rubuta maka shi a matsayin kuɗin da ka riga ka zuba a kwantena ta gaba. In ya ce ka ɗauki fanka a madadin kuɗi, ka karɓa a farashin da take fita a kasuwa, ba a 49,500 ba, kuma sai in kana da inda za ka sayar.

In ya ce an riga an yi magana ba ya komawa baya, hanya biyu ta rage. Ɗaya, ku amince da mutum ɗaya da ya san harkar shigo da kaya kuma Kawu yana jin nauyinsa, daga dattawan kasuwa ko na dangi, ya duba takardar, abin da ya ce a tsaya a kai. Irin wannan sulhu sau da yawa a tsakiya yake ƙarewa, misali a gyara kuɗin kwastan tunda kowane layi da sunan kayansa, a raba sauran rarar biyu. Ɗaya kuma ka yafe. In za ka yafe, ka yafe da ido buɗe, ka san miliyan huɗu ka bari ba wani abu da kake zargi a duhu ba, ka rubuta 2,690 a littafinka, kuma kada ka yi ta ba abokai labari a majalisa. Kotu ban ba ka shawara ba: ba ka da rubutacciyar yarjejeniya, takardun duka sunansa ne, kuma abin da za ka rasa a gida ya fi abin da za ka karɓo. Ni dai na fi son ka yi maganar, ko da za ka yafe daga baya, saboda kwantenar fankar da yake shirin sake yi.

Akwai wani kuɗi da ba ya cikin 16,462,000 amma na gan shi a takardun: ajiyar kwantena, naira 400,000, da kamfanin jirgi ke riƙewa har a mayar masa da ita babu kaya. Ban sa shi a farashin guda ba domin ba kashewa aka yi ba, ajiya ce, sai abin da aka yanke ne zai zama ɗawainiya. Kun zuba shi bisa jari, naka 250,000. Sunan kamfanin Kawu za a mayar wa, kuma yakan ɗauki lokaci, ana kuma yanke kuɗi in kwantenar ta makara a hanyar komawa daga Arewa ko ta samu lahani. Ka tambayi ejan takardar da ke nuna ranar da aka mayar da ita, ka sa wannan layi a ƙasan takardarka don kada ya ɓace a cikin babbar magana.

In za ku sake haɗawa, da shi ko da wani, wannan takarda mai layi uku a cika ta tun kaya suna China. Mai sayarwa zai ba ka girman kwali da nauyinsa kafin ka biya, mai jirgi zai ba ka farashin kwantena, ejan zai ba ka lambar nau'in kaya da kason fito, kuma ka sa ya rubuta maka kuɗin kwastan daban da ladansa daban, kada ka karɓi "kawo miliyan kaza in fito da ita" a dunƙule. A gaban kowane layi a rubuta ma'auninsa, wuri ko daraja ko raba-daidai, a ƙara jimla ɗaya cewa wanda ya jawo jinkiri shi ke biyan damareji, ku sa hannu da shaida ɗaya. Ka ware kason lalacewa, a wannan tafiyar kashi 3 ka gani, ka kuma gwada lissafin da dala mai tsada da naira 100 fiye da ta ranar, ka ga ko ribar za ta tsira. Kuɗin kwastan kuma ka tanade shi tun jirgi yana kan ruwa, ejan zai iya ba ka kiyasinsa da zarar PAAR ta fito.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa albarka a abin da ya rage. Ka gaida Hajiya.